Amsata ta saɓa da ta littafi, ta ƙawata ta yi daidai: wace ce ta yi kuskure a layukanta?

Ɗalibar Injiniyanci:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ina neman a taya ni duba wani aikin kalkulas da na yi da hannu, domin na karanta shi sau huɗu tun daren jiya, kuma har yanzu ban ga inda na kauce ba. An ce a nemo intigireshan na x² sin x daga 0 zuwa π ta hanyar kashi-kashi. Ga shi kamar yadda yake a takardata, ban gyara komai ba:

```
1. u = x²,  dv = sin x dx
2. du = 2x dx,  v = −cos x
3. I = [−x² cos x] − ∫ 2x cos x dx
4. ∫ 2x cos x dx = 2x sin x + 2 cos x
5. daga 0 zuwa π: (0 − 2) − (0 + 2) = −4
6. I = π² − (−4) = π² + 4
```

Amsar da ke bayan littafi ita ce π² − 4. Na san zan iya mayar da alamar tarawa ta ƙarshe ta zama ta ɗebewa in miƙa aikin, amma hakan ba zai amfane ni ba, domin a ɗakin jarrabawa babu bayan littafi. Abin da nake so a koya mini shi ne yadda mutum zai kama kuskurensa da kansa.

Ɗan Aji Biyu:
Wa alaikumus salam. Ni na saka tambayar a kalkuleta mai yin intigireshan, ta ba ni kusan 0.42. Wannan adadi bai yi kusa da amsarki ba, bai kuma yi kusa da ta littafin ba. Ina ganin kada ki wahalar da kanki, domin littattafai ma sukan yi kuskuren ɗab'i a shafin amsoshi, kuma mai yiwuwa wannan ɗaya ne daga ciki.

Mai Koyarwar Yamma:
Ƙanwata, hanya ɗaya ce nake ɗora ɗalibaina a kai, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Idan kin gama intigireshan, kafin ki saka iyakoki, ki haɗa duk abin da kika samu wuri ɗaya, ki yi masa difaranshiyeshan. Idan ya dawo da ke kan abin da kika fara da shi, aiki ya yi kyau. Abin da layukanki suka haifar shi ne −x² cos x − 2x sin x − 2 cos x. Na yi masa difaranshiyeshan, na samu x² sin x − 4x cos x. Wannan ragowar ta −4x cos x ita ce shaidar cewa akwai matsala, domin kamata ya yi 2x cos x guda biyu su kashe juna, sai ga shi sun haɗu sun ninku. Duk lokacin da kika ga abin da ya kamata ya ɓace ya ninka kansa, to alama ce ta juye a wani wuri. Wanda ya riƙe wannan gwaji ba ya buƙatar wani kuma.

Malam Mai Jan Biro:
Bari in fara da ɗana da ya kawo 0.42, domin a kawar da wannan tukuna. Kalkuletarka tana kan digiri ne. Ta ɗauki π a matsayin digiri 3 da 'yan kai, kusurwa ƙarama ƙwarai wadda sin ɗinta ke kusa da sifili, shi ya sa amsar ta ƙanƙance. Ka mayar da ita radiyan ka sake gwadawa, za ka samu kusan 5.87, wato π² − 4. Littafin bai yi kuskure ba. Ƙa'idar da muke cewa difaranshiyeshan na sin x shi ne cos x ba ta tsayawa sai a radiyan, don haka duk gwajin da za a yi da na'ura, wannan ne farkon abin dubawa.

Ke kuma 'yata, kafin a shiga layuka, akwai tambayar da ya kamata ki yi wa amsarki tun da kika rubuta ta: shin tana iya yiwuwa ma? Tsakanin 0 da π, sin x ba ya sauka ƙasa da sifili, ba ya kuma wuce 1. Saboda haka x² sin x ba zai taɓa wuce x² ba, kuma intigireshan na x² a wannan tazara shi ne π³/3, kusan 10.34. Amsarki ta π² + 4 kusan 13.87 ce. Ta haura rufin da ba a iya haurawa. Wannan lissafi bai kai minti ɗaya ba, kuma da kin yi shi, da kin san tun a daren jiya cewa matsalar tana takardarki ba a littafi ba.

Kuskuren yana layi na 3. Dalilin da ya sa kika karanta sau huɗu ba ki gan shi ba shi ne, karatu kika yi, ba bincike ba. Ido yana bin abin da hannu ya rubuta, ƙwaƙwalwa kuma tana tuna abin da ta yi nufi, sai su biyun su amince da juna. Ga yadda nake yi idan ina duba takarda, tawa ko ta ɗalibi. Nakan rufe layin da ke ƙasa da wata farar takarda, in dubi na sama kaɗai, in rubuta a gefe abin da ya kamata ya biyo baya, sannan in buɗe in kwatanta. Ki gwada haka da layi na 2. Ƙa'idar ta ce uv a ɗebe intigireshan na v du. A cikin ƙa'idar akwai alamar ɗebewa ɗaya, a cikin v ɗinki kuma akwai wata. Alamomi biyu ne suka shiga layi na 3, amma ɗaya kaɗai ta bayyana a takardarki. Da kin rubuta layin tsakiya da baka, da ba ta ɓace ba:

```
I = [x²(−cos x)] − ∫ (−cos x)(2x) dx
  = [−x² cos x] + ∫ 2x cos x dx
```

Layinki na 4 da na 5 daidai suke. Idan kika gyara na 3, sai ki samu π² a tara da −4, wato π² − 4.

Ɗalibar Injiniyanci:
Allah ya saka da alheri, Malam. Na koma kan takardar da hasken rana, na ga abin da ya faru. Da shuɗin biro na yi rubutun, takardar kuma mai shuɗayen layuka ce. Alamar ɗebewar da ke gaban cos x a layi na 2 gajeriya ce, ta kuma manne da alamar daidai da ke bayanta, har ta zama kamar jelarta. A kashin farko na layi na 3 na saka alamar da ka, domin na haddace cewa intigireshan na sin x yana zuwa da ita, amma a kashi na biyu sai na kwafo daga takarda, na kwafo cos x tsirara.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta samu π² − 4, daidai da littafi, kuma da izininta nake kawo aikinta. Layinta na 1 da na 2 irin nawa ne. Ga sauran:

```
3. I = [−x² cos x] − ∫ 2x cos x dx
4. ∫ 2x cos x dx = 2x sin x − 2 cos x
5. daga 0 zuwa π: (0 + 2) − (0 − 2) = 4
6. I = π² − 4
```

Layinta na 3 shi ne nawa da aka ce kuskure ne, domin tare muka fara. Ta yaya ta isa amsar gaskiya?

Ɗan Aji Biyu:
Na mayar da kalkuletar radiyan, ta ba ni 5.8696, don haka na janye maganata ta farko, na kuma gode da gyara. Amma game da ƙawarki, tunda amsarta ta yi daidai da littafi da kuma kalkuleta, ina ganin wata hanya ce kawai ta bi. A lissafi sau da yawa hanyoyi biyu sukan kai mutum gida ɗaya.

Malam Mai Jan Biro:
A'a ɗana, ba wata hanya ba ce. Kurakurai biyu ne suka rufa wa juna asiri, kuma wannan takarda ta fi ta farko haɗari, domin mai ita ba ta da abin da zai sa ta yi shakka. Kuskure na farko shi ne wanda muka gani a layi na 3. Na biyu yana layi na 4: a zagaye na biyu na kashi-kashi ana samun 2x sin x a ɗebe intigireshan na 2 sin x, shi kuma wannan intigireshan −2 cos x ne, don haka ɗebewa ta haɗu da ɗebewa ta zama tarawa. Ita ta bar shi ɗebewa. Cuta ɗaya ce ta kama ta sau biyu, wato mantawa da alamar da sin x ke haifarwa.

Ku lura da abin da ya sa asirin ya rufu. Ga gaskiyar abin da intigireshan ɗin ke bayarwa, ga kuma nata:

```
gaskiya: F(x) = −x² cos x + 2x sin x + 2 cos x
nata:    G(x) = −x² cos x − 2x sin x + 2 cos x
```

Juyi biyun sun mayar da 2 cos x kan alamarsa ta gaskiya, amma 2x sin x sau ɗaya kawai ya juya, don haka yana nan da alamar da ba tasa ba. Abin da ya cece ta shi ne sin 0 sifili ne, sin π ma sifili ne, sai kashin da ke ɗauke da kuskuren ya mutu a iyakoki biyun. Iyakokin tambayar ne suka binne shi. Da malaminku ya ce daga 0 zuwa π/2, da gaskiyar amsa ta zama π − 2, kusan 1.14, ita kuwa da ta samu −π − 2, kusan −5.14, adadi ƙasa da sifili ga lanƙwasar da ko sau ɗaya ba ta sauka ƙasa da sifili ba.

Akwai kuma hanyar kama layinta na 5 ba tare da an sake lissafin komai ba, kuma ina so ku saba da irin wannan tunani. Dubi 2x cos x. A rabin farko, daga 0 zuwa π/2, cos x yana sama da sifili, amma x ƙarami ne. A rabi na biyu cos x yana ƙasa da sifili da girma iri ɗaya, amma yanzu x ya girma. Ɓangaren da ke ƙasa da sifili shi ne ya fi nauyi, don haka jimillar dole ta faɗi ƙasa da sifili. Wanda ya rubuta 4 a wannan layi ya rubuta abin da ba zai yiwu ba. Kowane layi a aikin intigireshan mai iyakoki adadi ne, kuma ana iya tambayarsa alamarsa da girmansa shi kaɗai, ba sai an jira layin ƙarshe ba.

Mai Koyarwar Yamma:
Allah gafarta Malam, wannan ai ya ƙara tabbatar da maganata. Rufin 10.34 bai kama ƙawar ba, littafi bai kama ta ba, kalkuleta ma ba ta kama ta ba. Amma idan aka yi wa G(x) difaranshiyeshan, ana samun x² sin x − 4x cos x − 4 sin x, ragowa biyu, kowace tana nuna yatsa ga kuskure ɗaya. Shi ya sa na ce gwajin nan shi kaɗai ya wadatar.

Malama daga Damagaram:
Sallama gare ku. Ina koyar da lissafi a makarantar da ake karatu da Faransanci, kuma mu da u′ da v muke rubuta ƙa'idar, ba da dv da du ba, amma alamar ɗebewar nan tana ɓata wa yaranmu aiki kamar yadda take ɓata wa naku. Ɗan uwa mai koyarwar yamma, na yarda da rabin maganarka, amma ina da takardar da ta ƙaryata ɗaya rabin.

Na taɓa ba ɗalibaina wannan tambaya ita kanta. Wani yaro mai natsuwa ya fitar da F(x) daidai, har ya yi gwajin difaranshiyeshan a gefen takarda, ya ja layi biyu a ƙarƙashinsa. Sannan ya saka π ya samu π² − 2, ya rubuta a ɗebe 0, ya tsaya. Da na kira shi na tambaye shi daga ina sifilin ya fito, sai ya ce ai iyakar ƙasa sifili ce. Ya saba da tambayoyin x² da x³, inda saka sifili ke kashe komai, har hannunsa ya daina lissafa iyakar ƙasa. Amma cos 0 ɗaya ne, don haka F(0) biyu ne, ba sifili ba. Gwajin difaranshiyeshan yana tsayawa ne a bakin ƙofar iyakoki, bai san abin da ke faruwa bayan an shiga ba. Kuma ka lura, π² − 2 kusan 7.87 ne, yana sama da sifili, yana ƙasa da 10.34, don haka rufin Malam ma ya bar shi ya wuce.

Tun daga lokacin na hana su saka iyakoki biyu a layi ɗaya. Dole a rubuta F na iyakar sama a layinsa, kashi uku a bayyane ko da wani sifili ne, a rubuta F na iyakar ƙasa a nasa layin, sannan a ɗebe a layi na uku, na ƙasan yana cikin baka. Ina kuma sa su rubuta cos π = −1 a gefe kafin su fara, domin −x² cos x a π wani wuri ne da alamomi biyu ke haɗuwa, kuma na sha ganin −π² a wurin.

Malam Mai Jan Biro:
Malama ta kawo abin da nake shirin zuwa gare shi, ta kuma faɗe shi fiye da yadda zan faɗa. Takardu uku ke gabanmu yanzu, kuma babu gwaji ɗaya da ya kama dukkansu. Abin da ke kama irin ta yaronki shi ne kimanta adadin ta hanyar da ba ta ratsa F(x) ba sam, kuma mafi sauƙi da hannu ita ce ƙa'idar Simpson. A raba tazarar gida huɗu, faɗin kowane gida π/4. Darajar x² sin x a wurare biyar ɗin ita ce 0, sai 0.436, sai 2.467, sai 3.926, sai 0. A ninka ta biyu da ta huɗu sau 4, ta tsakiya sau 2, a tara, a ninka da π/12:

```
(π/12)[0 + 4(0.436) + 2(2.467) + 4(3.926) + 0] ≈ 5.86
```

An samu 5.86, gaskiyar kuma 5.87. Wannan ba hujja ba ce cewa amsar π² − 4 ce cif, amma ya isa ya kori 7.87 da 13.87. Ko gida biyu kawai mutum ya yi, zai samu kusan 5.17, kuma zai ga ya fi kusa da 5.87 nesa ba kusa ba. Abin da ya sa nake son wannan gwaji shi ne bai gaji komai daga aikin da ake bincika ba. Idan ka sake yin lissafi ta hanyar da ka bi da farko, sau da yawa hannunka zai sake zamewa a inda ya zame. Simpson kuwa daga tambayar kanta yake farawa. Iyakarsa ita ce bai san layuka ba, shi ya sa ƙawar da ta samu 5.87 da kurakurai biyu za ta wuce shi lafiya.

Ɗan Aji Biyu:
Malam, maganar iyakoki ta tuna mini da wani nawa, ko da yake ba kashi-kashi ba ne. An ba mu cos²x sin x daga 0 zuwa π/2, na ce t = cos x, na samu −1/3, aka soke. Har yau ina ganin alamar ɗebewar daga dt = −sin x dx ta fito, kuma ban ga laifina ba.

Malama daga Damagaram:
Alamar daga nan ta fito, ɗana, kuma halas ɗinta ne. Laifin yana iyakoki. Idan x sifili ne, t ɗaya ne, idan x ya kai π/2, t sifili ne. Saboda haka sabon intigireshan yana tafiya daga 1 zuwa 0, ba daga 0 zuwa 1 ba. Ina kyautata zaton ka jera su ƙarami a ƙasa babba a sama domin haka ido ya saba gani, ba tare da ka biya kuɗin juyawar ba. Juya iyakoki yana juya alama, sai ta cinye waccan ta dt, a samu 1/3. Kuma da ka tambayi amsarka tambayar Malam ta farko, da ta faɗi nan take, domin cos²x da sin x duk ba sa sauka ƙasa da sifili a wannan tazara.

Mai Koyarwar Yamma:
Na karɓi gyaran Malama, gwajina bai kai ga iyakoki ba, kuma na wuce gona da iri da na ce ya wadatar. Sai dai ina da ƙorafi a kan abin da ake ɗora wa ɗalibi. Wanda ke da tambayoyi biyar a cikin awa biyu ba zai iya rufe kowane layi da takarda, ya yi difaranshiyeshan, ya kuma yi Simpson ba. Ni a ganina gara a hana kuskuren shigowa tun farko, kuma hanyar jadawali tana yin haka. A jera x², 2x, 2, 0 a hagu, a jera sin x, −cos x, −sin x, cos x a dama, a ninka a karkace da alamomin tarawa, ɗebewa, tarawa. Nan take F(x) ya fito, babu layi na 3 da za a yi tuntuɓe a kai, babu zagaye na biyu.

Malam Mai Jan Biro:
Jadawalin yana da kyau ga irin wannan tambaya, inda x² ke ƙarewa a sifili bayan matakai uku, kuma ba na hana shi. Amma bai kawar da haɗarin ba, ya matsar da shi ne zuwa layin dama. Wanda ya manta cewa sin x yana haifar da −cos x zai manta a jadawali ma, kuma duk abin da ke ƙasa zai gaji kuskuren. Ga mai dubawa kuma ya fi wuyar bincike, domin matakan sun dunƙule. Idan aka zo kan eˣ sin x, inda babu ɓangaren da ke ƙarewa, sai an san inda za a tsaya a mayar da intigireshan ɗin ɗaya gefen, ɗalibin da jadawali kaɗai ya sani yakan rikice.

Game da lokaci, ba na cewa a yi duka a kowace tambaya. A jarrabawa, tambayar alama da rufi daƙiƙoƙi kaɗan take ci, difaranshiyeshan na kashi uku kuma bai fi minti biyu ba. Rufe layuka da Simpson na aikin gida ne, da kuma na wanda aka ba takardar wani ya duba.

Ɗalibar Injiniyanci:
Malam, ƙawata tana nan kusa da ni tana karantawa, ta ce in tambaya: idan kai ne mai ba da maki, ni da ita wa zai fi samu? Ni kuskure ɗaya na yi amsata ta ɓaci, ita biyu ta yi amsarta ta fito.

Malam Mai Jan Biro:
A wurina ke za ki fi ta. Kin zaɓi u da dv daidai, kin yi zagaye na biyu daidai, kin saka iyakoki daidai, don haka makin layi na 3 da na amsa kaɗai za ki rasa. Ita za ta rasa na layi na 3 da na 4, kuma ba zan ba ta makin amsa ba, domin amsar ba daga aiki sahihi ta fito ba.

Mai Koyarwar Yamma:
A nan kam ban bi Malam ba. Makin amsa na amsa ne. A cire mata na layukan da ta ɓata, amma π² − 4 da ta rubuta gaskiya ne, kuma hana ta makinsa hukunci biyu ne a kan laifi ɗaya. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya, mai duba takardu ɗari uku yakan fara da layin ƙarshe, idan ya ga ya yi daidai, da wuya ya koma sama da irin natsuwar da muka yi a nan.

Malama daga Damagaram:
Wannan na ƙarshen da ka faɗa yana faruwa, kuma ni ma na taɓa ba da cikakken maki ga irin wannan takarda, sai da nake gyara a allo yarinyar da kanta ta ɗaga hannu ta ce layinta bai yi kama da nawa ba. Abin da na koya shi ne laifin yana taɓa mai tsara tambaya ma. Iyakokin 0 da π suna ba da amsa mai kyan gani, amma suna kashe kashin tsakiya gaba ɗaya, don haka tambayar ba ta gwada alamarsa. Yanzu nakan ba da 0 zuwa π/2, ko da yake a can ma x² cos x ne ke mutuwa a iyakoki biyun, wani kashin ke nan ya samu maɓoya. Wanda ke son kowane kashi ya yi magana sai ya zaɓi irin π/3, inda sin da cos duk ba sifili ba ne. Game da makin amsa kuwa, na fi karkata ga Malam, amma na san abokan aikina da ke tare da kai.

Ɗalibar Injiniyanci:
Mun sake aikin mu biyu, kowa a takardarta, da baƙin biro, kowace alamar ɗebewa a cikin baka. Mun kuma gwada π/3 kamar yadda Malama ta ce. F(π/3) ya ba mu −π²/18 + π√3/3 + 1, muka ɗebe F(0) wanda yake 2, muka samu kusan 0.265. Simpson mai gida biyu ya ba mu kusan 0.261. Da G(x) na ƙawata kuwa, amsar ta fito kusan −3.36.